Kwas ɗin kitso da ya cika da ɗalibai amma ya jawo faɗuwa, da yadda aka gyara shi

Mai kitson da wannan bayani ya shafa ta kai shekara 9 a sana'ar, kuma ta daɗe da wuce matakin neman kwastoma. Tana da shago mai kujera biyu da yarinya ɗaya da ke taya ta tsifa, wankin kai da ƙarasa jelar kitso. Abin da aka san ta da shi shi ne zane mai ƙarin gashi, irin wanda ake farawa siriri daga goshi da gashin mutum, sannan a riƙa cusa gashin ƙari kaɗan-kaɗan har layin ya yi kauri zuwa ƙeya, ba tare da an ga dunƙule a mafarinsa ba. Duk sanda ta ɗora hoton aikinta sai an samu masu tambaya ko tana koyarwa.

Dalilin da ya sa ta fara sauraron tambayar ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin mai kitso yana da iyakar da hannu ya shata masa. Kai ɗaya na irin aikinta yana cin kusan awa 4, don haka kai 2 take yi a yini, kuma wuyan hannunta da bayanta sun fara nuna cewa ko kai na uku ya samu ba kullum za su ɗauka ba. Koyarwa ita ce hanyar da ta gani ta sayar da awa ɗaya ga mutum fiye da ɗaya.

Da yake farashi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, a nan za a yi lissafi da ma'aunin da ita kanta ta koma amfani da shi daga baya, wato kai. Kai ɗaya yana nufin kuɗin hannun da take karɓa a kitson awa 4, ban da kuɗin gashi. Duk mai sana'a za ta iya sa nata adadin a gurbinsa, lissafin ba zai canja ba.

Zagaye na farko

Ta sanar da kwas na kwana 3 a jere a ƙarshen mako, da alƙawarin koyar da kitso iri 5: zane marar ƙari, zane mai ƙari, kalaba mai ƙulli, kalaba marar ƙulli, da shuku. Ta yanke wa kowace ɗaliba kai 1, har da kayan aiki a ciki. Ba ta sa sharaɗin shiga ba, kuma ta yarda a ba da rabi a ciko rabi daga baya. Mutum 10 suka zo. A ganin ido abin ya yi kyau, shago ya cika har sai da aka aro kujeru.

Da aka zauna lissafi bayan mako biyu, ga abin da ya fito. Ɗalibai 2 ba su kawo cikonsu ba, don haka kai 9 ya shigo hannu maimakon 10. Kayan da ta saya, wato kawunan roba da sandunan kafa su, gashin ƙari, kum mai tsini, abin maƙale gashi, man shafa tsaga da hayar kujeru, sun ci kai 3. Zuwa nan take tsayawa da lissafi a da, sai ta ga ribar kai 6 ta ji daɗi. Amma kwana 3 ɗin nan ranakun da shagonta ya fi cika ne, kuma ta mayar da kwastomomi baya, wanda ya kama kai 6 ke nan da ba su shigo ba. Ga kuma yini guda cur da ya tafi a sayayya, shirya wuri da amsa saƙonnin masu tambaya, shi ma kai 2. Jimla kai 11 ya fita, 9 ya shigo. Ta sha wahalar da ta fi ta kitso, murya ta dushe, sannan ta tashi da faɗuwar kai 2.

Wannan shi ne bambancin ƙwararriya da sabuwar shiga a harkar kwas. Wadda kujerarta ke zaune babu kowa ba ta rasa komai idan ta koyar. Wadda layinta a cike yake, duk awar da ta koyar ta saye ta ne daga hannun kanta, kuma da tsada. Yawancin masu sana'a ba sa ganin wannan kuɗin saboda ba ya fita daga jaka, shigowa ce kawai bai yi ba.

Faɗuwar kuɗin ma ita ce ƙaramar ɓarna. Babbar ita ce ɗaliban ba su iya ba, kuma lissafin lokaci ya nuna dalili. Kowane yini awa 6 ake yi. Awa 2 na tafiya a nuni, awa 1 a hutu da kintsa wuri, saura awa 3 na gwaji. Idan aka raba minti 180 ga mutum 10, kowace ɗaliba ta samu idon malama na minti 18 a yini, minti 54 a duk kwas ɗin. A raba wannan ga kitso iri 5, ya kama kusan minti 11 ga kowane iri. Babu hannun da ke gyaruwa a minti 11. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne cakuɗa mutane. Akwai 3 a cikinsu da ko tufkar igiya uku ba su riƙe da kyau ba, akwai kuma 2 da ke da shagonsu sun zo ne kawai don sirrin cusa gashi. Na farko suka cinye lokacin malama, na biyun suka zauna suna latsa waya. Ɗaya daga cikin masu shagon ta faɗa mata a fili a ranar ƙarshe: "Anti, wallahi abin da na zo dominsa rabin awa kika yi a kansa." Ba ta nemi a mayar mata da kuɗi ba, amma maganar ta zagaya.

Akwai kuma abin da ita malamar ba ta zata ba. Hannun da ya shekara 9 yana abu ɗaya ya daina sanin yadda yake yi. Idan ɗaliba ta ce a nuna mata, sai yatsu su wuce da gudu, malama ta ce "kin gani ai, haka kawai za ki yi," ɗaliba ta gyaɗa kai ba ta ga komai ba. Ta kuma riƙa nuni tana fuskantar su, don haka abin da ke damarta yana hagunsu, suna ta juya shi a kai kafin su kwaikwaya.

Abin da aka sauya

Ta bar wata biyu ba ta sake sanarwa ba. Gyaran farko shi ne rage alƙawari zuwa abu ɗaya: zane mai ƙarin gashi, shi kaɗai, wanda dama shi ne mutane ke bin ta dominsa. Gajeren kwas ba ya mayar da mutum mai kitso. Abin da zai iya shi ne ya ɗora fasaha ɗaya a kan hannun da ya riga ya san hanya. Saboda haka ta sa sharaɗi: duk mai son shiga ta turo bidiyon minti ɗaya na hannunta tana yin zane marar ƙari. Ba kyawun kitson take dubawa ba. Tana duba ko yatsun suna ɗebo gashi daga ƙasa ba tare da sun saki igiyoyin ba, da kuma ko layin yana kwance a fatar kai ko yana tashi. Wadda ba ta kai ba sai ta gaya mata ta je ta ƙara gwaji ta dawo. Mayar da mai kuɗi a hannu yana da ciwo, amma ɗaliba ɗaya da ba ta shirya ba takan cinye rabon uku.

Sai adadi. Ta tsaya a kan 4, kuma ba zaɓin son rai ba ne. Ta lura cewa idan tana gyara hannun ɗaya, za ta iya hango sauran ukun da gefen ido ta tsayar da kuskure kafin ya yi nisa. Daga 5 zuwa sama sai an samu wadda ta kitsa rabin layi a karkace ba wanda ya gani, kuma kuskuren da aka maimaita sau talatin ya riga ya fara zama ɗabi'a.

Ta kuma fasa kwanaki a jere. Ta mayar da shi zama 4, kowane awa 3, cikin mako biyu, a safiyar ranakun da dama shago ba ya cika. Wannan ya rage kwastomomin da take rasawa, amma babban amfaninsa ga ɗaliba ne. Yatsun sabon koyo suna gajiya bayan awa biyu zuwa uku, daga nan sai riƙo ya lalace, duk abin da aka ƙara a kai ɓarna ne. Kwanakin da ke tsakanin zama da zama su ne na gwaji a gida, kuma kowace ɗaliba tana turo hoton layi 4 kafin zama na gaba. A kowane zama minti 40 ne na nuni, saura 140 na gwaji, wato minti 35 ga kowace. A zama 4 ya zama minti 140 na idon malama a kan fasaha ɗaya, inda a da ake da 11.

Aikin da ya fi cin ranta shi ne fassara hannunta zuwa magana. Ta sa yarinyarta ta ɗauke ta bidiyo ta saman kafaɗa tana kitso, ta zauna tana kallo a hankali tana tsayarwa, har ta gano abubuwan da take yi ba ta sani ba. Misali, ta gano cewa kafin ta taɓa kai takan jera gashin ƙarin a tsari, daga siriri zuwa mai kauri, guda 6 zuwa 8 ga kowane layi, kuma rabin kyawun aikinta daga wannan jerin yake. Ɗaliban farko ba wanda ya gaya musu, suna yago gashi daga ɗauri yadda ya zo, shi ya sa layukansu ke yin kumburi a wani wuri su rame a wani. Ta gano kuma cewa takan yi ɗinki biyu ko uku da gashin mutum zalla kafin ta sa ƙarin farko, kuma takan rataya sabon gashin a kan manuniyarta ta yadda rabi zai bi igiyar tsakiya rabi ya bi ta gefe, ta danne mahaɗar da babban yatsa har ɗinki na gaba ya rufe ta. Idan aka saki babban yatsa da wuri, ƙarin yana zamewa ko ya fito kamar ƙaho a gefen layin. Wannan motsi na daƙiƙa ɗaya shi ne abin da masu shagon nan biyu suka biya kuɗi dominsa a zagayen farko ba su samu ba.

Daga nan zaman ya tsaru da kansa. Na farko tsaga ce da jera gashi kawai, ba a kitsa komai mai ƙari sai a ƙarshensa. Ɗalibai kan raina wannan zama, amma tsagar da ta karkace babu hannun da zai ɓoye ta. Na biyu mafari da cusa gashi a kan roba. Na uku layuka masu lanƙwasa, daidaita kauri tsakanin layi da layi, da rufe jela da ruwan zafi, inda take tsayawa kan yadda ake kare wuya da kafaɗa da tawul mai kauri, da riƙe kofin nesa da jiki. Na huɗu kan mutum ne. Yanzu idan za ta yi nuni sai ta tsayar da su a bayan kafaɗarta su ga hannun ta inda za su ga nasu, kuma tana tambaya tun wajen rajista ko akwai bahaguwa, don ta shirya nuna mata ta ɗaya ɓangaren.

Matsalar kan roba

A nan ya kamata a dakata, domin nan ne gajeren kwas zai iya cutar da mutanen da ba su ma shiga ajin ba. Kan roba ba ya cewa wayyo. Ɗalibar da ta koyi kitso a kansa takan gano cewa idan ta ja da ƙarfi layin yana fita tsaf, sai hannunta ya haddace wannan jan. Ranar da ta kai shi kan mutum, saiwar gashi ce ke biya. Jan da ya yi yawa, idan ana maimaita shi, yana cinye gashin gaban goshi da na gefen kunne. A farko gashin yana iya dawowa idan aka daina, amma idan abin ya daɗe saiwar takan mutu, wurin ya zama sanƙo na dindindin. Zane mai ƙari yana farawa ne daidai inda gashin ya fi rauni, don haka malamar da ta koyar da shi ba ta koyar da sassauci ba ta yaye masu ɓarna da sunanta.

Hanyar da ta bi mai sauƙi ce. Takan sassauta makullin sandar da ke riƙe kan robar kaɗan, yadda idan ɗaliba ta ja fiye da kima kan zai sunkuyo wajenta. Da zarar ya motsa, a tsefe a sake. A kan mutum kuma tana nuna musu alamomin da ido ke gani tun kafin mai kai ta yi magana, domin mutane da yawa suna daurewa saboda kunya ko saboda sun ɗauka zafi shi ne alamar kitso mai kyau. Fata tana tasowa a bakin tsaga, gefen ido ko gira yana ɗagawa sama, mai kai ba ta iya sunkuyar da kai ko haɗa gira ba tare da ta ji ja ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu kuma sai ƙananan ƙuraje su fito a gindin gashin. Dokar ajin ita ce bayan layin farko ɗaliba ta dakata ta ce wa mai kai ta sunkuya ta kuma juya wuya, idan ya ja a warware. Siraran gashin bakin goshi kuma ba a tilasta su shiga layi.

A wannan zaman ne take koya musu duba fatar kai kafin a fara. Makero da kwarkwata suna bin kum daga kai zuwa kai, don haka kowace ɗaliba da nata kum, a wanke shi a tsoma a maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane mutum, kuma kan da ke da gyambo ko tabon da gashi ke karyewa a kansa ba a kitsa shi, a ba mai shi shawarar ganin likita. Masu ba da kan gwaji malamar ce ke nemo su da kanta. A zagayen farko ta bar wa ɗalibai, sai wata ta zo da yarinya ƙarama da ba ta iya zama, wata kuma tata ba ta zo ba. Yanzu tana zaɓen manya masu gashin da ya kai a kama, tana gaya musu tun farko cewa ɗaliba ce za ta yi kuma zai ɗau lokaci, tana neman izininsu kafin a ɗora hotonsu, kuma idan kitson bai yi ba ita ke gyarawa kyauta.

Kuɗi da sharuɗɗa

Sabon farashi kai biyu da rabi ne ga kowace ɗaliba. Kan roba da kayan hannu ɗaliba ce ke saya, ko ta zo da nata ko malama ta sayo mata a kan kuɗin da ta saya, kuma da su take tafiya gida don gwaji. Ana ba da rabi kafin alƙalami don kama gurbi, ba a mayar da shi idan ɗaliba ta fasa, sai dai a ɗaga mata zuwa zagaye na gaba sau ɗaya. Ciko kuma kafin a zauna zaman farko. Duk wannan a rubuce yake cikin saƙo ɗaya da ɗaliba ke amsawa da amincewa kafin ta tura kuɗi, tare da abin da za a koya da abin da ba za a koya ba.

Ɗalibai 4 sun kawo kai 10. Awa 12 na koyarwa ta lissafa su kai 3 cif, duk da cewa safiyar ba kullum take cika ba, domin gara lissafi ya tsananta mata da ya ruɗe ta. Duba bidiyoyi, amsa saƙonni da shiri sun ci kai 1. Gashin gwaji, mai, maganin wanke kaya da ɗan abin godiya ga masu ba da kai sun ci kai 1. Yarinyar shago ta samu rabin kai. Jimla biyar da rabi, saura huɗu da rabi riba bayan ta riga ta biya kanta ladan lokacinta. A taƙaice awa 16 da za su ba ta kai 4 a kujera sun ba ta takwas da rabi, kuma wuyan hannunta ya huta.

Lissafin ya kuma nuna mata inda layin faɗuwa yake. Kuɗin da take kashewa kusan ɗaya ne ko mutum nawa suka zo. Da ɗalibai 3 ribar ta sauko zuwa kai 2, da 2 kuma faɗuwar rabin kai ce. Don haka ta sa wa kanta doka: idan saura mako ɗaya ba a samu mutum 3 da suka ba da kafin alƙalami ba, a ɗaga. A irin wannan halin, tunda ita ce ta ɗaga, duk mai son kuɗinta ana mayar mata.

Rabin kan da yarinyar shago ke samu yana da tarihi. Bayan zagayen farko ta canja fuska, aiki ya fara yin sanyi. Da aka matsa mata sai ta ce: "Anti, shekara ɗaya da rabi ina shara ina tsifa kafin ki bar ni na taɓa mafari, su kuma kwana uku kika nuna musu." Maganarta tana kan hanya, kuma duk mai sana'ar da ke da yara a ƙarƙashinta za ta ci karo da ita. Abin da aka yi shi ne aka mayar da ita mataimakiyar malama da rabonta a kowane zagaye: ita ke duba tsaga da jerin gashi, ɗalibai kuma suna ce mata Yaya. Ta kuma ga da idonta cewa abin da ɗaliba ke fita da shi a zama 4 bai kama ƙafar saurin da ita ta tara ba.

Batun takarda ma sai da aka gyara. A zagayen farko an raba wa kowa satifiket mai cewa ta ƙware, har da waɗanda ba su iya kammala layi ba, kuma ɗaya ta rataya nata a shagonta tana cewa ita ɗalibar wance ce. Yanzu takardar tana cewa ne ta halarci awa 12 na koyon zane mai ƙari, kuma sai wadda ta ci gwajin ƙarshe ake ba wa. Gwajin shi ne layi 6 a kan mutum cikin minti 140 na zaman ƙarshe, tsaga a miƙe, ba a ganin mahaɗa, kauri ya yi daidai, mai kai kuma ta sunkuya ba zafi. A zagaye na biyu mutum 3 suka ci. Ta huɗun kitsonta ya fi na kowa kyau a ido amma jan ya yi yawa, sai aka ce ta dawo zaman ƙarshe na zagaye na gaba kyauta ta sake. Ya kamata a sani cewa irin wannan takarda ba lasisi ba ce. A wasu ƙasashe da jihohi doka tana neman rajista ko lasisi kafin a yi gyaran gashi ko a koyar da shi don kuɗi, a wasu kuma babu wannan sharaɗin, don haka mai shirin buɗe aji ta bincika dokar inda take kafin ta buga sanarwa, ta kuma tuna cewa kuɗin kwas kuɗin shiga ne da haraji zai iya hawa kansa.

Ɗaukar bidiyo a aji ta hana, sai na hannun ɗaliba da kanta. A madadin haka tana tura musu gajeren bidiyon cusa gashin a hankali don tuni. Amsa tambayoyi bayan kwas ta iyakance shi zuwa mako 4, domin 'yan zagayen farko wata uku bayan nan suna turo mata hoto da tsakar dare.

Mai kwalliya da ke son bin wannan tsari lissafinta ɗaya ne, sai dai kayanta masu ƙarewa ne kuma masu tsada, ga shi kowace ɗaliba tana bukatar fuskar mutum tun da wuri, fuskokin kuma su bambanta a launi da yanayin fata. Inda mai kitso ke tsoron ja, ita tsoronta burushi ne da abin ido da na leɓe da ke yawo daga fuska zuwa fuska.

Tsoron da ya fi damun mai kitson tun farko shi ne kada ta koyar da masu ƙwace mata kasuwa. Zuwa zagaye na huɗu ba ta ga layinta ya ragu ba. Ɗaliban suna ɗaukar kusan ninki biyu na lokacinta a kai ɗaya, kuma masu zuwa wurinsu ba su ne masu zuwa wurinta ba. Iyakar da ta bayyana daga wani wuri ta fito. Zagaye na biyu da na uku sun cika cikin kwanaki, domin mutanen da suka daɗe suna jira ne. Na huɗu da ƙyar ya kai 3, sai da aka ɗaga shi sau ɗaya. Masu bin ta da ke da sha'awa, da kuɗi, da hannun da ya cika sharaɗi ba su da yawa, kuma ta kusa ƙarar da su. Ta duba zaɓin rage farashi ta ga cewa a kai 2 ga ɗaliba, aji mai mutum 3 rabin kai kacal zai bari, don haka ta bar farashin yadda yake. Ta mayar da kwas ɗin sau ɗaya a wata uku, tana buɗe jerin masu jira a tsakani, ta kuma fara tsara aji na biyu a kan kalaba marar ƙulli, wanda tsofaffin ɗalibanta 5 suka riga suka sa suna. Su ba sa bukatar bidiyon tantancewa, kuma kowace tana da kan robarta a gida.